Mu Goma Muka Ci Bashin, Mu Tara Muka Ƙarasa Biya

A takardar rancen ƙungiya akwai layi ɗaya da ya fi duk sauran nauyi, kuma shi ne aka fi saurin karantawa a wuce. Cewa yake kowace mamba ta tsaya wa sauran, idan ɗaya ta gaza, biyan nata yana wuyan ƙungiya. Bankin ba ya neman takardar fili ko ta gida a matsayin jingina, don ya san irinmu ba mu da su. Abin da yake riƙewa shi ne maƙwabtaka da kunyar idon juna. Ranar da aka karanta mana layin nan duk mun gyaɗa kai, muka dangwala yatsa, hankalin kowa yana kan ranar da kuɗi za su shigo.

Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a wata unguwa da ke arewacin birnin Kano. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardun naira suka ɓace a hannun mutane. Mai sayen ƙuli na naira 100 ba ya yin tiransifa, mai POS kuma sai ya ci wani kaso mai tsoka kafin ya ba ka kuɗinka a hannu. Kafin al'amura su daidaita na cinye fiye da rabin jarina a cefane. Daga sayen buhun gyaɗa a Dawanau na koma auno kwano-kwano a unguwa, kuma duk mai wannan sana'a ta san cewa a bambancin farashin buhu da na kwano ribar take. Ana cikin haka wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda ta taɓa cin irin wannan rance a wata ƙungiya, ta ce wani ƙaramin banki zai ba mu idan muka haɗu mu goma.

Bankin ba ya haɗa muku ƙungiya. Ku za ku zaɓi junanku, kuma da gangan ake yin haka. Jami'in da ke zuwa daga ofis bai san wace ce ke biyan bashi ba, bai san wace ce ta taɓa cinye kuɗin adashi ba, amma mu mun sani. Aikin tantancewa da banki zai biya ma'aikaci ya yi, mu muka yi masa kyauta. Sai dai a zaman unguwa ba a tantancewa yadda ya kamata. Wadda kika yi goyon ɗanta, ko kuka yi makarantar allo tare, da wane baki za ki ce ba ki yarda da ita ba? Muka haɗu: Hajiya ta zama shugaba, ni sakatariya saboda ina rubutu da lissafi, wata tela ta zama ma'aji. Sauran akwai mai awara, mai koko da ƙosai, mai kitso, mai kayan miya, mai markaɗe, mai zoɓo da ƙanƙara, sai wata matashiya mai sayar da gwanjon kayan yara da take sarowa a Ƙofar Wambai.

Kafin a ba da kuɗi sai da muka yi zaman horo na 'yan makonni, muna zuba ajiya tun ba a ba mu komai ba, don a ga wace ce ke zuwa a kan lokaci. Kowa ta kawo hoto da lambar BVN da sa hannun miji ko wani namiji na gida. Jami'in ya zagaya gidajenmu ya ga sana'ar kowa da idonsa. A gidana ya tarar da turmi da kasko da galan-galan na mai. A gidan mai gwanjo ya tarar da dila guda a kwance an baje kaya a tabarma. Ya rubuta, ya wuce.

Maganar kuɗin ruwa ta so ta hana ni shiga. Maigidana bai so ba, ya ce riba ce, ni ma ban yi masa musu ba. Ya sa hannu ne yana ɓata rai, don ya ga tukunya ta kusa daina hawa wuta. Akwai wuraren da ba sa ba da kuɗi a hannu, sai su sayo kayan su sayar miki da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kai, ki riƙa biya kaɗan-kaɗan, amma a lokacin ba mu samu irinsu kusa da mu ba. Kuma ko can ɗin, idan tsarin ƙungiya ne, tsayawa juna tana nan.

Ga yadda lissafin namu ya kasance. Kowa naira 100,000, ruwa 20,000, a biya 120,000 cikin mako 24, wato 5,000 duk Talata. A kan wannan akwai ajiyar dole ta 500, ya zama 5,500. Kafin a saki kuɗin kowa ta ajiye 10,000 da ba za ta taɓa ba sai an gama, sannan aka cire 3,000 na fom da inshora. Abin da ya shigo asusuna 97,000 ne, kuma 10,000 ɗina na kwance a wurinsu. Wato abin da ya ƙaru a hannuna a zahiri 87,000.

Akwai wani abu a lissafin ruwan da sai da na zauna da biro na gane shi. A cikin kowace 5,000 da nake biya, kusan 4,170 uwar kuɗi ce, 830 ruwa. Zuwa mako na 12 na mayar da rabin uwar kuɗin, saura 50,000 a hannuna, amma ruwan bai ragu ba, har yanzu na 100,000 ake caja ta. A makon ƙarshe, da bai fi 4,000 da 'yan kai suka rage ba, nan ma 830 ne. Idan aka daidaita, abin da na riƙe tsawon lokacin bai wuce rabin kuɗin da kaɗan ba, don haka 20,000 ɗin nan a kan wajen 50,000 na biya ta, cikin ƙasa da wata shida. Wanda ya ce miki kashi 20 ne bai yi ƙarya ba, amma aljihunki kusan ninkin haka zai ji. Ni sana'ata tana juyawa duk mako, ina samun ribar 8,000 zuwa 9,000 idan kasuwa ta yi kyau, shi ya sa na iya ɗauka. Wadda kayanta ke yin wata biyu kafin su ƙare, tun mako na uku za ta fara biya daga cikin jarin.

An saki kuɗin a farkon Afrilu, cikin azumi, bayan mako guda aka fara zubi. Muna haɗuwa a tsakar gidan Hajiya da ƙarfe tara na safe. A buɗe da addu'a, in kira suna, kowa ta miƙa wa ma'aji kuɗinta da katinta, a ƙirga a gaban kowa. Dole 55,000 su cika a kan tabarma. Jami'in ba ya karɓar na mutum ɗaya-ɗaya, jimla yake karɓa, kuma ba ya sa hannu a katin kowa sai ta cika. Idan saura naira 200, to duk muna zaune. Wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya. Mai koko ta bar 'yarta a kan kasko, tela tana da ɗinkin Sallah, ni gyaɗata tana jiran suya, don haka duk minti ɗaya da aka ƙara kowa tana jin sa a jikinta, kuma kowa ta san wace ce ta jawo.

Makonnin farko lafiya lau. Kasuwar Sallah ƙarama ta taimaki kowa. Amma da yake ni ce mai littafi, akwai abubuwan da suka riƙa bayyana a layin mai gwanjo tun kafin ta gaza. Da farko takan kawo kuɗinta 'yan dubu-dubu a ninke. Daga baya sai ta fara kawo su a tarkace, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari da hamsin-hamsin, alamar tattaro su aka yi daga wurare da dama da safen nan. Sai ta fara zuwa a ƙarshe. Wani mako ta ranci 500 na ajiya a hannun mai kitso a bakin ƙofa, ta ce za ta mayar da yamma. Babbar alamar kuwa a gidanta take: tun dilar da jami'i ya gani ba a sake kwance wata ba. Wadda aka ba 97,000 don ta ƙara jari, ya kamata a ga sabon kaya cikin mako guda. Yaranmu ma sun san ba a kawo sabon kaya ba, don su ne ke zuwa dubawa.

A mako na tara, Talatar farko a watan Yuni, ba ta zo ba. Muka jira. Hajiya ta kira wayarta, a kashe. Aka aiki yaro, ya dawo ya ce an ce ba ta nan. Jami'in, wani saurayi mai ladabi da bai wuce sa'ar ƙanina ba, ya duba agogo ya ce, “Hajiya, ku yi haƙuri, kun san ƙa'ida. Ina da ƙungiya uku a gabana, kuma dole in kai kuɗi ofis kafin a rufe.” Ajiyarta ta 500 ya ce a bar ta, amma 5,000 ba makawa. Mu tara, ya kama 556 kowa, muka mayar da shi 600 don canji, rarar ta shiga hannun ma'aji. Ranar ba wadda ta yi ƙorafi sosai. An ce ko rashin lafiya ce, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Da na koma gida na buɗe littafi. Ta biya mako takwas, 40,000 ke nan, saura 80,000. Ajiyarta 10,000 ta farko da 4,000 na makonni, 14,000. Idan ba ta sake biyan ko kwabo ba, kuma mu muka ɗauka, kowace cikinmu za ta yi asarar kusan 8,900 kafin a cire ajiyar tata. A wurina wannan ribar mako guda ce cur. A wurin mai awara, wadda da ƙyar take haɗa 5,500 ɗinta, ƙarin 600 duk mako yana nufin rage awon waken suya.

Washegari da yamma ni da Hajiya muka je gidanta. Tana nan, a ɗaki take, ta rame. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta ce da ni, “Yaya, wallahi kunyarku ce ta hana ni fitowa.” A nan muka ji gaskiyar magana. Kuɗin ba su taɓa shiga gwanjo ba. Mijinta yana tuƙa adaidaita sahu na wani mutum, yana kai balas kullum, sai injin ya buga, mai babur ɗin ya ce ko ya gyara ko ya ajiye makulli. Shi ya sa ta shiga ƙungiyar tun asali, dilar da aka nuna wa jami'i ma rabinta na maƙwabciya ce. Aka gyara inji, yana ba ta 5,500 duk Talata daga abin da ya samo. Sai ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga wajen naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Fasinja suka koma tafiya a ƙasa, shi kuma balas bai ragu ba. Abin da yake kawowa gida ya koma na tuwo kawai. Da Hajiya ta matsa, sai ta faɗi sauran: akwai wani rancen 40,000 da ta karɓa a wata ƙungiya a unguwar iyayenta, ranar Alhamis ake zubi. Makonnin da take kawo mana tarkacen kuɗi, da na can take toshe na nan.

Wannan shi ne abin da na fi gani yana karya ƙungiyoyi, a tamu da waɗanda na ji labarinsu daga baya. Ba kasafai mace ke karɓar kuɗin da niyyar gudu ba, ina za ta gudu ta je da 'ya'ya? Yawanci sunanta ne a kati, kuɗin kuma suna hannun miji, ko sun tafi asibiti, ko kayan ɗakin 'ya. Inshorar da aka cire mana kuwa, da na tambaya, mutuwa take rufewa. Tsadar mai da karyewar kasuwa da ciwon miji ba sa ciki.

Muka roƙi jami'in ya cire daga ajiyarta ta 14,000, ko ba komai mu sami hutun kusan mako uku. Ya ce ba a taɓa ajiya sai ƙarshen zango. Na fahimci dalilin daga baya. Ajiyar nan, tata da tamu, ita ce jinginar da aka ce babu. Mu goma kowa da 14,000 a lokacin, 140,000 ke nan a hannun banki, sun fi ƙarfin bashin mutum ɗaya. Idan aka fara cin ta tun tsakiyar hanya, babu abin da zai rage a riƙe mu da shi. Ya kuma tuna mana abu na biyu: ƙungiyar da ta bar gibi ba za a ba kowace mambarta rance na gaba ba, wanda aka yi mana alkawarin zai kai 150,000, kuma sunan da ya shiga rajistar masu taurin bashi ta hanyar BVN zai sha wuyar samun rance a wani wurin. Hajiya, wadda ke da burin ƙara jari kafin kasuwar ƙarshen shekara, wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Mako na goma muka sake haɗawa, na sha ɗaya ma haka. A nan zama ya fara tsami. Aka daina hira kafin a buɗe taro. Mai kitso ta ce ita ba ta kawo ta ba, wadda ta kawo ta ta biya. Wadda ta kawo ta kuwa mai kayan miya ce, 'yar ƙanwar kakarta ce ko wani abu makamancin haka, sai ta fashe da kuka ta ce ita ma yaudararta aka yi. Yaran unguwa suka ji, suka fara tsokanar ɗan mai gwanjo a makarantar Islamiyya. Aka yi suna a layinmu, ba ta zo ba, kuma ba wadda ta tambayi dalili. Ni kaina na lura idan na hango ta daga nesa, 600 ɗina nake fara tunawa kafin in tuna gaisuwa. Bankin bai aiko ɗan sanda ba, bai yi wa kowa barazana ba, bai ma buƙaci hakan ba. Mu ne muke aika yara ƙofar gidanta da sassafe, mu ne muke ƙirga ko an ɗora tukunya da nama a gidan.

Mako na 12 ya faɗo ranar Arfa, jajibirin Babbar Sallah. Da aka zo haɗa na mai gwanjo, mai awara ta ɗaure bakin zaninta ta ce, “Hajiya, ki gafarce ni, yau ko sisi ba zan ƙara ba. 'Ya'yana ko takalmin Sallah babu. Kuma in dai haka za a ci gaba, nawa ma zan daina kawowa, a cinye ajiyar tawa, ai ta kusa kai abin da zan yi asara.” Lissafinta bai yi daidai ba, don saura 60,000 a kanta, ajiyarta kuwa 16,000. Amma tunanin da ke bayan maganar shi ne abin tsoro. Muddin mutum ɗaya ce ta gaza, tara za su iya ɗauka. Idan biyu suka gaza, takwas za su raba 10,000, kowa 1,250. Idan uku ne, bakwai za su raba 15,000, sama da 2,100 kowa. Duk wadda ta faɗi tana ƙara wa na tsaye nauyi, har a kai inda mai iya biya ma za ta ga wauta ce ta ci gaba, tunda rance na gaba ya riga ya tafi. Haka ƙungiya ke rushewa gaba ɗaya cikin wata guda. Ranar Hajiya ce ta biya kason mai awara daga jakarta, muka tashi bayan azahar, da yawanmu da azumi a baki.

A ranar ne wasu suka ce a je a kwaso kayan ɗakinta. Na san ana yin haka a wasu ƙungiyoyi, a ɗauke katifa ko talabijin a ajiye a gidan shugaba har sai an biya. Hajiya ta hana. Ta ce babu inda takardar ta ba mu ikon shiga ɗakin matar aure mu ɗauki kaya, kuma in mijin ya kai ƙara mu ne za mu kwana a ofishin 'yan sanda, ba banki ba.

Ban ga laifin jami'in ba sosai. Wata rana da muka tsaya a bakin titi ya ce min, “Anti, ni ma in ƙungiya ta yi gibi, a albashina ake gani.” Shi ma wani ke matsa masa daga sama. Abin da na ga laifinsa shi ne tsarin da ba shi da ƙofar numfashi. Ƙanina da ya karanta tattalin arziki a jami'a ya ba ni labarin inda abin ya samo asali: Muhammad Yunus ya fara da matan ƙauyen Jobra a Bangladesh a 1976, aka kafa bankin Grameen a 1983 da ƙungiyoyin mutum biyar-biyar, har shi da bankin suka sami kyautar Nobel a 2006. Amma bayan ambaliyar 1998, da mata da yawa suka gaza biya lokaci guda, bankin ya sake tsarinsa a farkon shekarun 2000, ya buɗe hanyar da wadda ta shiga matsala za ta zauna da shi a rage mata zubin mako a tsawaita lokaci. Mu da aka kawo mana tsarin, wannan sashen bai iso tabarmarmu ba. Kuma dalilin da ya sa suka gyara shi ne irin abin da ya same mu: tsayawa juna tana aiki idan matsalar ta mutum ɗaya ce, kamar ciwo ko sata. Idan abu ya bugi unguwa gaba ɗaya, kamar tsadar mai, masu tsayawar ma ƙafarsu rawa take.

Bayan Sallah muka kai maganar gaban mai unguwa. Ya kira mijin, ya kira yayanta namiji da ke sayar da katako, ya gayyaci limamin masallacin layinmu. Mijin ya zo yana sunkuyar da kai, bai musa komai ba. Liman ya ce wanda ya tsaya wa wani lamuni biya ya hau kansa, wannan ba ja a ciki, amma abin da muka biya bashi ne a kan ta da mijinta, ba sadaka ba ne sai wadda ta ga dama ta yafe. Ya karanto ayar Baƙara da ke cewa a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Mai kitso ta ce a hankali, “Allah gafarta Malam, mu mun ji, bankin ne ba ya saurarawa.” Mai unguwa ya yi kamar bai ji ba.

Ga yadda aka warware. Zuwa lokacin mun biya mata mako huɗu, 20,000, saura 60,000. Tana da ƙaramin firji cikin kayan aurenta, ita da kanta ta ce a sayar. Mai zoɓo ta saya 30,000, aka damƙa wa ma'aji, ya rufe mako shida. Yayanta ya kawo 10,000, mako biyu ke nan. Ni da Hajiya muka je ofis muka ga manaja da takardar mai unguwa a hannu, ya yarda a rubuce cewa ajiyarta ta 14,000 za ta rufe makonnin ƙarshe. Gibin da ya rage 6,000 ne, muka sake haɗawa. Jimlar abin da ya fita daga aljihun mu tara 26,000, wajen 2,900 kowa, in ban da Hajiya da ta ɗauki fiye da kasonta. Aka rubuta takarda, mijin ya sa hannu zai riƙa kawo 1,000 duk mako har ya gama.

Firjin nan ya tsaya min a rai. Ya fi 30,000 a kasuwa, kowa ya sani, amma mai neman kuɗi kafin Talata ba ya ciniki. Mai zoɓo ba ta yi zalunci ba, ita kaɗai ce ke da kuɗi a hannu, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Duk da haka, a ƙarshen zango banki ya karɓi 120,000 ɗinsa cif daga kowane kati, har ya rubuta ƙungiyarmu cikin masu biya ɗari bisa ɗari. A littafinsa babu wadda ta gaza. Matar da ta shiga don a ƙara mata jari ta fita ba jari, ba firji, ba ajiya, ga bashin maƙwabta da na ƙungiyar Alhamis. Duk lokacin da na ji ana yabon yadda mata ke biyan bashi ba fashi, wannan lissafin nake tunawa.

Muka gama a watan Satumba. Ni dai rancen ya yi min amfani, ba zan ɓoye ba: na koma sayen buhu, na ƙara kwastomomi biyu masu suyar tsire da ke ɗaukar ƙuli duk mako. Mijin mai gwanjo ya riƙa kawo 1,000 ɗin na wani lokaci, sai ya fara tsallakewa, sai ya daina. Ya biya 15,000, saura 11,000. Mai koko da mai markaɗe sun ce sun yafe nasu. Mai kitso ba ta yafe ba, kuma har yau ba sa gaisawa.

Da aka zo zango na biyu, mai awara ta ce ta tuba, ta koma adashi, inda in mutum ta fasa zubi uwar adashi ce ke fama da ita. Mai kayan miya ma ta janye. Muka rage bakwai. Jami'i ya ce kowa za ta iya ɗaukar 150,000, na lissafa zubin zai kai 7,500 ban da ajiya, kusan duk ribata ta mako, sai na ce a ba ni 80,000. Ya yi mamaki, don an saba kowa ta ɗauki iya abin da aka miƙo. Muka kuma buɗe asusu namu na kanmu a hannun ma'aji, 200 kowa duk Talata, wanda banki bai san da shi ba, don in wata ta yi tuntuɓe na mako ɗaya ko biyu a cike daga nan ba tare da an kalli fuskar kowa ba. Muka amince cewa cikin mako guda da karɓar kuɗi, mutum biyu za su je su ga kayan da aka saro, ko na shugaba ne.

Sai maganar cike gurbi uku. Mata biyar suka nuna sha'awa. Wannan karon tambayoyin da muka yi sun bambanta: nawa kike samu a mako, ranar da ba ciniki daga ina za ki biya, kina wata ƙungiyar, kuma maigidanki ya san kuɗin na sana'arki ne? Muka ɗauki biyu ba gardama. Ta ukun 'yar wan Hajiya ce, amarya, ta ce za ta fara sayar da turaren wuta, amma ba ta taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba, mijinta kuma bai daɗe da rasa aiki ba. Na ce ta fara da ajiya zango guda tukuna, mu ga sana'ar ta kama. Tela ta goyi bayana, mai kitso ma. Hajiya ta ce ita ta tsaya mata. Na ce, “Hajiya, a takarda ba ke kaɗai ce za ki tsaya mata ba, mu duka ne.” Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka ƙi, uku suka yarda. Muka ɗauki wata mai sayar da itace a madadinta, Hajiya kuma ta ce daga wannan zango a nemi wani gidan da za a riƙa taro. Yanzu a tsakar gidan tela muke zama.